Shafuka Biyu da Aka Ce Sun Manne

A cibiyar fassara ba wanda ke kiranta da sunan yanka. Hashiya suke ce mata, wato ɗan bayanin nan da ake rubutawa a gefe ko a ƙasan shafi, domin ba ta iya barin magana ta wuce ba ta faɗi inda ta samo ta ba. Masu tsokana sukan ce in ka tambaye ta ƙarfe nawa, za ta gaya maka, sannan ta ƙara da cewa agogon bango ta duba, kuma agogon yana ɗan gudu. Tun tana ɓata rai har ta saba, har ta kai in an kira waya an ce ana neman Malama Hashiya sai ta ce, "Ita ce."

Mahaifinta mai jera haruffa ne a maɗaba'a, tun zamanin da ake ɗaukar harafin dalma ɗaya bayan ɗaya ana shirya layi. A gefen teburinsa ta koyi karatu, shi ya sa ta fara iya karanta rubutu a juye kafin ta iya karanta shi a miƙe. Ta karanta Larabci da Ingilishi a jami'a, aka ba ta gurbin ƙaro karatu a waje, sai mahaifin ya rasu ana saura kaɗan ta tafi. Ya bar Inna, ya bar ƙaninta wanda a lokacin ko ɗaurin takalmi bai iya ba. Ta ajiye takardar gurbin, ta karɓi aiki a cibiya, ta riƙe gida. Ba ta taɓa yi wa kowa gorin wannan ba, kuma wanda ya ce ta yi bai san ta ba. Ƙanin ya girma a hannunta, ita ta koya masa Larabci a kan tabarma, ita ta gyara masa kundin digirinsa layi-layi, har ya zama malamin tarihi a jami'a. Duniya na ce masa Dokta, a gida kuwa Auta ne.

Ofishinta yana ƙarshen baranda, kusa da ɗakin da ake jibge kujerun da suka karye. Tebur ne da allon kwamfuta babba, da ƙamusoshin da bayansu ya ɓare ta ɗaure da zare, da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Shekara da shekaru duk wani tsohon bugu da ya gagari mutane nan ake kawo shi. Ba ta da mota, ba ta da muƙami, ba ta taɓa zama a kan teburin manya a wajen taro ba. Abu ɗaya ta mallaka, kuma ta san shi: idan ta rubuta a ƙasan shafi cewa abu kaza haka yake a asali, masu bincike sukan ɗauka su wuce ba tare da sun sake dubawa ba.

Auta ne ya kawo littafin likitan. Wani likitan jirgin ruwa ne da ya zaga tasoshin ƙasashen Larabawa shekara ɗari uku da wani abu da suka wuce, ya koma gida ya buga labarin tafiyarsa da Ingilishin wancan zamani. Kwafi ɗaya tak aka sani, yana wani ɗakin karatu a ƙasar waje, ba a ba da aro, sai dai ka je ka zauna ka ɗauki hoto. Cibiya ta tura Dokta ya ɗauko, ta naɗa shi editan aikin, ita kuma aka ba ta fassara zuwa Larabcin yau. Ranar da ya dawo ya shigo ofishinta yana washe baki, ya zuba hotunan a foldar aikin da ke kwamfutar cibiya.

"Yaya, ga amanarki. Sunana da naki a bango ɗaya. Da Baba yana nan da ya yi kuka."

"Da Baba yana nan da ya ce ka cire ɗan yatsanka daga kan rubutu," in ji ta, domin kowane hoto shafi biyu ne a buɗe, kuma a kowanne ga babban yatsan Auta a gefe yana danne takarda, ga hasken fitila ruwan ɗorawa ya kwanta a kai.

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ɗauka Ingilishi ai Ingilishi ne. Ba haka ba ne. Mutanen da suna da wani dogon harafin s mai kama da f, suna sa u a wurin v su sa v a wurin u, suna ɗora ɗan layi a kan wasali maimakon su rubuta n ko m. Kalma ɗaya sai ta zo da fuska uku a shafi guda, gwargwadon yadda mai jera haruffa yake neman cika layinsa. Ga tawadar bayan takarda da ke leƙowa ta gaba, ga inuwar tsakiyar littafi da ke cinye haruffan da ke kusa da ɗinki. Ita hanyarta ɗaya ce ba ta canzawa. Takan fara kwafe shafi harafi da harafi yadda yake, ba gyara. Sannan ta karanta shi da ƙarfi, domin sau da yawa kalmar da ta ɓuya wa ido kunne ne ke kama ta. Masu wucewa ta baranda sun saba jin ta tana magana ita kaɗai kamar mai faɗa da aljanu. Sai ta mai da shi rubutun yau, daga nan ne kawai take taɓa Larabci.

A nan ɗin ne take jin daɗin ranta. Likitan yana da jimla mai tsawon rabin shafi, sai ta yanka ta gida-gida yadda ɗalibi zai karanta bai shaƙe ba. Ba ta yarda ta yi masa ado da Larabcin mutanen da, don a cewarta mutumin bai yi magana don ya burge kowa ba, yaren kasuwarsu ya rubuta. Sunayen garuruwa da magunguna da ya ji a bakin Larabawa ya murɗe su da harshensa, takan bi su ta taswira da ƙamus har ta mai da su gida, sannan ta nuna a ƙasa yadda shi ya rubuta. Inda hoto ya ƙi karantuwa takan sa baka biyu da ɗigo a tsakani, ta ce a nan ban gani ba. Ba ta taɓa cike gurbi da zato ba.

Ana cikin aikin ne ta fara ganin kamar hayaƙi a idonta na hagu. Ta goge tabarau, ta goge allo, hayaƙi yana nan. Likita ya ce yanar ido ce ta fara, ba ta nuna ba tukuna, na dama lafiyarsa ƙalau, za ta iya aikinta har lokacin da za a cire. Maigidanta, tsohon mai haɗa magani ne da ya yi ritaya, shi ya raka ta. Bayan shi mutum ɗaya ta gaya wa. Wata rana suna cikin mota ita da Auta, ta ce masa, "Kada ka faɗa wa Inna, hankalinta zai tashi. Kada kuma a ji a ofis. Ka san su, daga an ji ido sai a fara duba maka ranar ritaya."

Ya kama hannunta ya ce, "Haba Yaya. Ni ne fa."

Tsofaffin masu buga littafi suna da wata al'ada: a ƙasan kowane shafi, can kusurwa, sukan sa kalmar da shafi na gaba zai fara da ita, don kada a yi kuskure wajen jera shafuka. Ita 'yar rakiya take ce mata, kuma ta fi yarda da ita a kan lambar shafi, domin lambobin irin waɗannan littattafai tsalle suke yi yadda suka ga dama. Wata rana da hantsi, ta kai wajen da jirgin likitan ya kama hanyar wata tasha da cuta a cikinsa, sai 'yar rakiya ta ce abu kaza, hoto na gaba ya fara da wani abu dabam. Jimlar ma ta yanke a tsakiya. Ta duba gaba, ta duba baya, ko hoton ya ɓata jeri. Babu shi. Ta kira Auta, ya biyo ta ofis da yamma.

"A'a, wannan wurin," in ji shi, yana kallon allo. "Ai takardar ce babu. An yage ta tun tuni."

"Wace takarda?"

"Wadda ke tsakani mana."

"Auta, zo ka gani. Takarda gaba da baya gare ta. Ga gaban wannan a hannuna, bayanta ne babu. Ga bayan waccan a hannuna, gabanta ne babu. Ba a yage bayan takarda a bar gabanta."

Ya dafa goshi ya yi dariya. "Wallahi kin fi ni gaskiya. Na haɗa da wani littafin ne. Waɗannan shafukan manne suke. Ruwa ya taɓa su, sun liƙe da juna. Na yi na yi, matar da ke kula da ɗakin ta ce kada in kuskura in raba."

"Ka gani da idonka?"

"Da idona, Yaya. Har na sa farce, ta daka min tsawa."

Da wani ne ya ba ta labari biyu a zama ɗaya, da tuni ta rubuta wa ɗakin karatun tana tambaya. Ta sha yin haka ga furofesoshi masu furfura, har suka riƙa gaba da ita. Amma wannan yaron da ta yi wa wanka ne. Ta ɗauka gajiya ce, ta ce Allah ya kyauta, ta rubuta a ƙasan shafi da Larabcinta mai tsabta cewa a nan akwai shafuka biyu da suka manne a kwafin asali saboda ruwa, ba a iya karanta su. Ta sa alamar da ke nuna bayanin mai fassara ne. Ko sunan wanda ya gaya mata ba ta sa ba, karo na farko a rayuwarta, don tana ganin ita da shi ai abu ɗaya ne.

Littafi ya fito, ya yi kyau. Inna ba ta karatu, amma ta sa aka nuna mata inda sunayen 'ya'yanta suke, ta shafa wurin, ta ajiye littafin a saman akwatinta. Maigidan Hashiya ya riƙa yawo da kwafi a aljihun babbar riga yana nuna wa abokan hirarsa, waɗanda ba su san alif ba a Larabcin zamani. Watanni suka shuɗe cikin daɗi, har aka fara maganar juzu'i na biyu.

Sai ɗakin karatun nan ya sa hotunan tsofaffin littattafansa a intanet, kowa ya gani kyauta. Wani mai nazari a wata mujallar tarihi ya zauna ya gwada fassarar da asali. Ya yaba Larabcin, ya yaba sosai ma, sannan ya zo kan bayanin ƙasan shafin. Ya ce shafukan nan biyu suna nan garau, ba ɗigon ruwa a jikinsu. Ya ce su ne mafi wuya a littafin, domin a nan likitan ya jero magungunan da ya ba matuƙan jirgi, da ma'aunansu, da gajerun alamomin masu haɗa magani, cikin ƙananan haruffa. Ya rufe da cewa ba laifi ba ne mai fassara ta gaza, laifi shi ne ta ƙirƙiro wa littafi ciwon da ba shi da shi don ta ɓoye gazawarta, kuma wanda ya yi haka sau ɗaya dole a sake duba duk abin da ya taɓa cewa.

Daraktan cibiya ne ya aiko mata da mujallar a hannun masinja, ko 'yar takarda bai haɗa ba. Ta karanta a tsaye. Abin da zai ba ka haushi, ko a lokacin ba kanta ta fara tunani ba. Cewa ta yi wayyo Auta, wataƙila an raba shafukan ne bayan tafiyarsa. Ta buɗe hotunan ɗakin karatun, ta ƙara girmansu har ƙwayar takarda ta fito. Takardar da aka taɓa jiƙawa ba ta ɓuya, takan bar tabo, takan yi kumburi, tawada takan kama ɗaya gefen. Waɗannan kuwa fes suke. Ta gane abin da ya faru kamar tana wurin: Auta ya haɗa takarda biyu ya juya a tare, bai lura ba, da ta tambaye shi kuma sai girman kai ya hana shi cewa na yi kuskure.

Ta kira shi, bai ɗauka ba. Ta sake kira, ya turo saƙo cewa yana taro. Da ta koma gida ta gaya wa maigidanta, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "To ai da sauƙi. Ya ce shi ne, a ba da haƙuri, a buga gyara. Wa ya taɓa mutuwa don ya tsallake shafi?"

"Zai faɗa," in ji ta. "Kunya ce ta kama shi. Ka bar shi ya huce."

"Allah ya sa," in ji maigidan, amma bai ɗauki kofin ba.

Ranar da Darakta ya kira zama, ta riga kowa zuwa ofis don ta fitar da hotunan da ke gaba da bayan giɓin. Ta buɗe foldar aikin. Giɓin babu shi. Ga hoton shafukan nan biyu zaune a tsakanin 'yan'uwansa, da suna irin nasu, da lamba a jere, kamar tun ranar farko yake nan. Sai dai shi fari ne tas, a miƙe, ba hasken fitila, ba babban yatsa a gefe. Mutum biyu ne kawai ke iya sa abu a foldar nan, ita da edita. Ta zauna tana kallon hoton. Kuskure ta yafe tun kafin a roƙe ta, ƙarya ma ta fara nema masa uzuri. Wannan kuwa zama aka yi, aka sauko da hoto, aka sake masa suna, aka ajiye mata shi kamar tarko.

Ofishin Darakta akwai sanyin na'ura da kujeru masu laushi. Darakta mutum ne mai son zaman lafiya fiye da son gaskiya, kuma Dokta ne ke jawo wa cibiya ayyuka daga jami'a, kowa ya san haka. Auta yana zaune ya sha babbar riga, ya miƙe ya gaishe ta har da rusunawa.

"Malama," in ji Darakta, "mu ba tuhumar kowa muke ba. So muke mu fahimta. Dokta ya ce hotunan duka suna folda."

"Yanzu suna nan, ranka ya daɗe. Da ba sa nan."

Ta faɗi komai yadda ya faru, ba ƙari ba ragi, har da maganar yagewa da ta mannewa da farcen da aka ce an sa. Ta ce a buɗe hoton a gani, ba irin sauran ba ne, a kuma kira mai kula da kwamfutoci ya duba ranar da aka sa shi.  Tana gamawa ta juya ta kalli ƙaninta, har a lokacin tana jiran ya buɗe baki ya ce haka ne.

Ya buɗe bakin. Ya sunkuyar da kai, ya yi ajiyar zuciya, ya yi magana a hankali kamar mai ta'aziyya.

"Ranka ya daɗe, wannan yayata ce, uwa ce a wurina. Ban so a kai ga haka ba. Hoton ya bambanta, gaskiya ne, domin nawa na farko bai fito ba, sai na roƙi ɗakin karatun suka turo min nasu, na sa mata. Maganar mannewa kuwa, mun yi ta, amma a kan wani littafi ne. Ina ganin abubuwan ne suka haɗe mata." Ya ɗago ya dubi Darakta. "Akwai abin da ta roƙe ni in ɓoye, amma ɓoyewar yanzu cutar da ita zai yi. Idonta ne. Likita ya ce yana ce. Ta daɗe tana fama, ba ta son a sani. Ni dai roƙona, kada a ce ƙarya ta yi. Lalura ce."

Ka ga fuskar Darakta a lokacin, sai ka ce wanda aka sauke wa buhu daga ka. Ga dalili ya samu wanda ba sai an hukunta kowa ba. Ya ce subhanallahi, Malama, ai da kin faɗa. Ya ce lafiya ita ce gaba da komai. Ta ce idonta na dama lafiya lau, kuma ido ba ya sa mutum ya ji maganar da ba a faɗa ba. Ta sake cewa a kira mai kwamfuta. Darakta ya ɗaga hannu yana murmushi, ya ce haba, ai ba kotu muke ba, magana ce ta cikin gida.

"Da gaske ne akwai yanar?" ya tambaye ta.

Ba ta iya ƙarya ba, ko ta ceton kai. Ta ce, "Akwai."

Shi ke nan, zama ya tashi. Cibiya ta aika wa mujallar da amsa cewa kuskuren ya faru ne saboda rashin lafiyar da ta samu mai fassara, kuma za a cike giɓin a bugu na biyu ƙarƙashin kulawar edita. Aka ɗauke mata juzu'i na biyu don a sauƙaƙa mata, aka ba ta duba takardun sanarwa da na gayyatar taro, masu manyan haruffa. Ba wanda ya zage ta, kuma da zagin aka yi da ya fi mata sauƙi. Tausayi aka riƙa yi mata. Masinja ya fara karanta mata lambar ɗaki, wata abokiyar aiki ta kama mata hannu a matakala. Wani ɗalibin digiri da ya daɗe yana dogaro da fassararta ya zo da ladabi yana tambaya ko akwai wanda zai sake duba masa wuraren da ya ɗauko daga littattafanta na baya. Ta ba shi sunan wani, ta rufe ƙofa, ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mahaifinta.

Maigidanta ya so ya je jami'a ya yi abin da za a daɗe ana labari, ta hana shi. Inna kuwa labarin ido kawai ya kai mata, kuma ta bakin Auta. Da Hashiya ta je gaishe ta, tsohuwar ta jawo fuskarta tana leƙa idon, tana faɗa. "Ke wace irin mutum ce? Ciwo a jikinki ki ɓoye wa uwarki? Allah ya yi wa Auta albarka, shi ya tsaya miki a ofis, ya ce da ba don shi ba da sun kore ki." Hashiya ta dubi hannun Inna da ke rawa, ta dubi kwalaben maganin hawan jini a kan taga, ta ce amin. Wannan amin ɗin ta fi komai ɗaci a bakinta.

Bayan an yi mata aikin ido, ya warke, gani ya dawo tar har ya fi na da, sai ga Auta a gidanta wata rana da safe, tana hutun jinya. Ya zo da 'ya'yan itace a leda da ambulan a hammata. Maigidan ya amsa sallamarsa a daƙile, ya ɗauki hularsa ya fita, don ya san in ya zauna za a yi abin kunya. Ta ba shi kujera, ta kawo masa ruwa, ta zauna nesa kaɗan.

Ya yi ta kewaye-kewaye, jiki da sauƙi, yara suna gaisuwa, sannan ya zo kan abin da ya kawo shi. Bugu na biyu ya tsaya. An ba mutum biyu shafukan nan, ɗaya ya mai da ma'aunin magani sunan ganye, ɗayan ya dawo da su ya ce ba zai iya ba. Maɗaba'a tana jira, mai nazarin nan kuma ya zuba ido.

"Yaya, ba mai iyawa sai ke. Ga maigida ma zai taimaka da alamomin magani. Sai dai sunanki ba zai fito a wannan ɓangaren ba, kin san yadda abubuwa suke yanzu. Amma ni na sani, Allah ya sani."

"Me ka sani?"

Ya kau da kai. "Yaya, lokacin ana duba takarduna na ƙarin girma. Da an ce ni ne, da shi ke nan. Ke kuwa kin riga kin yi suna, na ɗauka abin ba zai taɓa ki sosai ba. Kuma ai ban ce kin yi ƙarya ba. Kare ki na yi."

"Da ka ce min ka tsallake shafi, Auta, da ni zan rubuta cewa hoton bai zo ba, mu nema. Layi ɗaya ne. Ba wanda zai ko ɗaga kai."

"Na sani. Ya riga ya wuce. A yi haƙuri."

Ya zaro takardun daga ambulan ya ɗora a kan ɗan teburin da ke tsakaninsu, ya juyo su wajenta. An buga su manya, fes. Ba ta yi niyyar dubawa ba, amma idon da ya saba ba ya neman izini. Kafin ta ɗauke kai ta riga ta karanta layin farko, ta ga inda jimlar nan da ta yanke mata ta ci gaba, ta ga likitan yana faɗin yadda ya jiƙa wata saiwa ya ba masu zazzaɓi. Har Larabcin ya taso mata, kalma bayan kalma, daidai yadda ya kamata ya zauna. Ta daɗe tana son ta san ƙarshen jimlar nan cikin harshenta, ta kuma san ba wanda zai yi mata adalci kamar ita. Ta haɗiye shi.

Ta tattara takardun, ta daidaita gefensu a kan gwiwarta, ta mai da su cikin ambulan, ta miƙa masa.

"Ba na gani," in ji ta.

"Haba Yaya, ai an yi aikin. Inna ta ce kin warke sarai."

"Je ka gaya wa Darakta haka. Ka gaya masa ina gani, kuma da ma ina gani. In ka faɗa a ɗakin da ka faɗi waccan maganar, ka dawo da su, a ranar zan fara."

Ya karɓi ambulan ɗin, ya juya shi a hannu. Ta ba shi lokaci, ta ba shi fiye da yadda ya kamata, tana kallonsa da idanu biyu masu lafiya. Daga ƙarshe ya duba agogonsa, ya ce yana da ɗalibai suna jira, zai sake leƙowa. Ta raka shi har bakin ƙofa kamar yadda ta saba, ta tsaya tana kallo ya shiga mota ya ajiye ambulan ɗin a kujerar baya. A ƙarshen layi akwai mararraba, hagu hanyar cibiya, dama hanyar jami'a. Daga inda take tana iya ganin fitilar motar sarai, ta dama ce ta kama ƙiftawa.